Zan tashi kafin adibas ɗina ya ƙare

"Na biya adibas na hayar ɗaki na shekara 2 a Aboabo da ke Kumasi, sidi 400 duk wata, muka sa hannu a takarda. Wata 14 ke nan, ga shi an mayar da ni Tamale. Notis ɗin wata ɗaya ya isa in karɓi ragowar kuɗina?"

Bai isa ba, ɗan'uwa. Notis ɗin wata ɗaya na mai zaman wata-wata ne, wanda ba a yanka masa ranar fita ba: ya sanar, watan ya cika, ya miƙa makulli. Kai kuwa an yanka maka wa'adi, ɗakin naka ne har wata 24, kuɗin kuma na maigida ne. Ragowar wata 10 ɗin, sidi 4,000, ba dole ne ya mayar ba, sai in takardar ta tanadi fita kafin lokaci ko ya amince da kansa.

Da hakan ta same ni a Asawase, sai na kawo wanda zai maye gurbina, maigida ya karɓi adibas ɗinsa, ya ba ni nawa bayan ya cire kuɗin fenti da bashin wuta. Mun rubuta komai, har ranar miƙa makulli. Amma kada ka sa kowa a ɗakin ba da rubutaccen izininsa ba. In ya ƙi sauraronka, kai takardar da rasit ofishin kula da haya su zaunar da ku.