Ɗigon ƙarƙashin harafi a rubutun Hindi: yaushe ya zama dole?

Tambaya: Malam, ina karatu a Indiya, na fara koyon Hindi. Wasu na rubuta ज़ da ɗigo, wasu ज kawai. Wanne ne daidai, kuma yaya zan buga shi a kwamfuta?

Amsa: Ɗalibi, sunan ɗigon nukta, kalmar Larabci ce da ka riga ka sani. Debanagari, tsarin rubutun da ake rubuta Hindi da shi, ba shi da haruffan wasu sautuka da suka shigo cikin kalmomin Urdu daga Farisanci da Larabci, sai aka ɗauki harafi mafi kusa aka ɗiga masa ɗigo a ƙasa. In ka yi makarantar allo abin zai zo maka da sauƙi: क़ shi ne ق, ख़ shi ne خ, ग़ shi ne غ, ज़ shi ne ز, फ़ kuma ف.

Mutane da yawa ba sa sa shi, musamman a क़ da ख़ da ग़, kuma ana gane su. Amma ni ba na sakaci da ज़, don yana juya ma'ana kamar yadda lanƙwasa ke raba kafa da ƙafa. राज़ asiri ne, राज mulki. सज़ा hukunci ne, सजा kuma abin da aka ƙawata. Haka ख़ुदा Ubangiji ne, खुदा abin da aka haƙa, ka ga nan wurin kiyayewa ne. Su kuwa ड़ da ढ़ ba aro ba ne, sautukan Hindi ne na gida, barin ɗigonsu kuskuren rubutu ne kai tsaye.

A kwamfuta ka kunna InScript, tsarin madannai na buga rubutun Indiya, ɗigon yana kan maɓallin `]`. Jerin bugawa shi ne inda ake tuntuɓe: baƙi tukuna, sai ɗigo, sannan wasali. Don rubuta सज़ा ka danna:

```
m p ] e
```

Wato स, ज, ɗigo, sai ा. In ka sa wasali kafin ɗigo, za ka ga ɗigon ya kauce daga wurinsa ko wata da'ira mai ɗige-ɗige ta fito. A Word kana iya rubuta `093C` bayan harafin ka danna Alt+X.

Akwai tarko guda da ido ba ya gani. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, na da ज़ a dunƙule, U+095B, kuma ana iya haɗa shi daga ज da U+093C. A fuskar kwamfuta kamarsu ɗaya sak, amma wasu manhajoji suna ɗaukarsu abu biyu daban. In ka nemi राज़ a takarda aka ce babu, alhali ga ta kana kallo, yawanci wannan ne sanadi. Kwafo kalmar daga cikin takardar ka liƙa a akwatin nema, za ta fito.