Mai aikin wuta ɗaya, aiki uku a mako ɗaya

«Maigida, na tsara jadawalin mako mai zuwa na gidan benen nan da muke yi a Tahoua, sai na ga sunan mai aikin wutarmu ya fito a wuri uku lokaci guda: shimfiɗa tiyon da wayoyin wuta za su bi a rufin bene, saka akwatunan wuta a shaguna uku na gaba, da haɗa famfon rijiya. Shi kaɗai ne gwanin da muke da shi. In raba masa yini, safe nan yamma can, ko in roƙe shi ya riƙa kaiwa dare?»

Ɗana, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Ɗauko takarda ka ja layi shida daga Litinin zuwa Asabar, ka rubuta a ƙarƙashin kowace rana awannin da jadawalinka yake nema daga hannun mutumin nan. Rufin bene zai ci masa kwana 3, shaguna kwana 2, famfo kwana 2, kuma shi famfon sai Talata zai iso. Da yake ka sa kowane aiki ya fara a ranar farko da zai iya farawa, Litinin tana neman awa 16, Talata awa 24, Laraba awa 16, sannan daga Alhamis zuwa Asabar babu komai. Aikin kwana 7 ka cusa cikin kwana 3, ka bar rabin mako fayau. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, amma ka lura cewa abin da ya fi ƙarfinsa shi ne yadda aka tara ayyukan a goshin mako, domin jimillarsu ba ta wuce abin da mutum ɗaya zai yi cikin mako da ɗoriya ba.

Abin da za ka tambayi kowane aiki shi ne: kwana nawa zai iya jira ba tare da ya tsayar da wanda ke bayansa ba? Wannan ita ce rararsa, kuma lissafinta ba wuya. Ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar da aikin zai iya farawa da ranar da dole ya kasance an gama shi, ka cire kwanakin da aikin kansa yake ci. Masu yaɓe za su shiga shaguna ranar Asabar da safe, saboda haka akwai kwana 5 don aikin kwana 2, rara kwana 3 ke nan. Famfo ka rubuta cewa ana bukatarsa kafin ƙarshen Alhamis ta sama, daga Talata zuwa can kwanakin aiki 9 ne in an fitar da Lahadi, rara kwana 7. Rufin bene kuwa ba shi da rara ko ta awa ɗaya. Ranar Alhamis za a zuba kankare, an riga an yi magana da mai injin kwaɓi da lebura, simintin Malbaza yana jibge a ɗaki, kuma duk abin da ya rage a gidan nan, ginin sama, cire tokare, yaɓen ciki, yana jiran wannan zubin. Kwana ɗaya da aka makara a nan, kwana ɗaya ne aka ƙara wa ranar miƙa makulli. Tiyon da ba a shimfiɗa ba kafin zubi kuma ba ya shiga bayan zubi sai da guduma.

To, ka jera su bisa ƙarancin rara. Rufin bene Litinin zuwa Laraba, shi kaɗai, babu mai kiransa ko'ina. Shaguna Alhamis da Juma'a. Famfo Asabar da Litinin. Kowace rana ta koma awa 8, kuma ranar gama gida ba ta motsa ba, domin abin da muka tura baya mun tura shi ne cikin rararsa.

Yanzu dubi abin da zai faru da ka raba masa yini. Safe yana bisa rufi, yamma yana shago: zuwa yammacin Alhamis ya gama shaguna, waɗanda babu mai bukatarsu sai Asabar, amma rufin bene kwana 2 kacal ya samu cikin ukun da yake nema. Ko da Juma'a ta ba shi cikakken yini, zubi ya koma Asabar a maimakon Alhamis. Ka yi asarar kwana 2 a wurin da ba ya yafe jinkiri, don ka sami gaggawa a wurin da ba ya bukatarta. Wannan ma lissafin takarda ne, wanda bai ƙirga saukowa da hawa ba, da kwashe kayan aiki, da lokacin da mutum yake ɗauka yana tsaye bisa ƙarafa yana tuna inda ya tsaya jiya, wane tiyo ne ya nufi fanka, wane ne ya nufi makunni. A irin wannan tsayuwar ake manta layi. Shekarun baya, a wani gida da na yi, na riƙa janye mai wuta daga rufi zuwa wani aiki saboda mai gidan yana matsa mini, sai bayan an cire katako muka ga falo babu hanyar wayar fanka. Mun fasa, mun toshe, kuma har yau in na shiga falon nan idona yana zuwa kan tabon. Laifin nawa ne, ba na mai wutar ba.

Batun kaiwa dare ba zan daɗe a kai ba. Awa 2 da aka ƙara a yini suna iya cike ɗan giɓi, amma ba sa mayar da awa 24 su zama 8, kuma mutumin da ya wuni bisa ƙarfe a zafin Afrilu, lokacin da Tahoua ke haura digiri 40, ba shi ne za ka ba haɗin waya da fitilar hannu ba.

Sai dai jerin da na ba ka yana da rami biyu, kuma ganinsu shi ne ainihin aikin. Na farko, Juma'a ba cikakken yini ba ce a wurinmu. Kafin azahar an ajiye kaya an tafi masallaci, kuma abin da ake yi bayan an dawo kaɗan ne, don haka ni rabin yini nake rubuta mata. Ke nan shaguna sun sami kwana ɗaya da rabi, alhali suna neman 2, kuma mun riga mun cinye rararsu duka da muka tura su Alhamis. Ka riƙe wannan: aikin da aka tura har ƙarshen rararsa ya zama ɗan'uwan rufin bene, shi ma ba ya ɗaukar jinkiri, ko da yake jiya yana da sarari. Maganinsa shi ne ka buɗe aikin ka ga nawa ne a cikinsa yake bukatar hannun gwani da gaske. A shago, sanin inda akwati zai zauna da hanyar da tiyo zai bi, da ɗaura akwatunan daidai, nasa ne. Sassaƙar bango da kurfi da guduma kuwa yaronsa yana iyawa. In gwanin ya ba da awa ɗaya ranar Litinin da yamma, bayan ya sauko, ya zana layuka da alli a shagunan uku, yaron ya sassaƙa Talata da Laraba, abin da zai rage wa gwanin bai wuce yini ɗaya ba, ya gama shi Alhamis. Ranar zubin ma yaron ne zai tsaya bisa rufi yana duba kada baro ko ƙafar lebura ta murƙushe tiyo ko ta ɓalle mahaɗi, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya leƙo ƙasa ya kira. Amma kada ka ɗauka kowane aiki yana rabuwa haka. Haɗa allon famfo ba shi da ɓangaren da za a bar wa yaro.

Rami na biyu ya fi zurfi, kuma yana cikin rarar kwana 7 da ka ba famfo. Ka rubuta Alhamis ta sama ne saboda a ranar masu bulo za su fara neman ruwa da yawa. Amma da wane ruwa za a kwaɓa kankare wannan Alhamis ɗin, da wane kuma za a riƙa shayar da shi? Kankare yana son ya zauna da danshi aƙalla kwana 7, ƙarfinsa da ake lissafi da shi kuma sai ya kwana 28, kuma a wannan zafin da iskar, rufin da aka bari ya bushe a kwanakin farko zai yi tsage kamar bakin tabki da rani. In da famfon muka dogara, rararsa ba 7 ba ce, babu ita sam, kuma muna da aikin kwana 5, uku na rufi biyu na famfo, da dole su shiga cikin kwana 3. A nan jujjuya jadawali ba ya ƙara amfani, sai dai a zaɓi abin da za a biya. Ko dai a yi famfo Talata da Laraba, rufi ya ƙare Asabar, zubi ya koma Litinin ta sama, shaguna su rasa masu yaɓensu. Ko a nemo wani mai wuta na kwana 2 don famfo kaɗai, in akwai wanda aka yarda da hannunsa. Ko a cika tano-tano tun Laraba, a yi magana da ƴan garuwa su riƙa kawowa safe da yamma har famfo ya tashi. Ni na ukun zan ɗauka, domin kuɗin ruwan kwana biyar bai kama ƙafar kuɗin tsayar da injin kwaɓi da lebura da kafintoci ba, kuma tunda shaguna za su ƙare Alhamis, mai wutar zai fara famfo Juma'a da safe, ya ci gaba Asabar, ya rufe Litinin kafin azahar.

Injiniyoyin da ke zuwa daga Yamai suna yin wannan jerin a kwamfuta, kuma a Microsoft Project akwai zaɓin da aka rubuta Level only within available slack, wato a tura ayyuka cikin rararsu kawai kada ranar gamawa ta motsa. Yana da amfani in ayyukan sun kai ɗari, amma abin da aka gaya masa kaɗai ya sani. In ba a rubuta masa cewa zubi yana jiran ruwa ba, ko cewa Juma'a rabi ce, zai tura famfo mako na gaba hankali kwance, kamar yadda mu ma muka yi a jerin farko.

Kafin ka manna sabon jadawalin a ƙofar ɗakin kaya, ka zauna da mai wutar ka tambaye shi ko kwana ukun nan na rufi nasa ne ko naka, kuma ko ya yi wa wani alkawarin aiki a cikin gari a makon nan, domin takardarka gidanmu kaɗai take gani. In mako ya kama, ka riƙa hawa rufin kowace yamma ka ƙirga ɗakunan da tiyonsu ya kai makunni ya ƙare, kada ka karɓi «saura kaɗan». Ɗaki shida ne a ƙarƙashin rufin, saboda haka biyu kake nema a yini. In Talata ta faɗi ba ka ga huɗu ba, ka sanar da ni a daren, tun ana iya ɗaga mai injin kwaɓi zuwa Asabar ba tare da ya ɗauro kayansa ya zo ya tarar da mu ba mu shirya ba.