Satifiket ya ce Gwarzo, fasfo bai ce ba: in sayi afidabit daga Kano?

Tambaya: "Malam ina aiki a Jidda shekara shida kenan. A fasfo da NIN da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, sunana Musa Abdullahi, amma a satifiket ɗin jami'a Abdullahi Musa Gwarzo ne, don tun firamare hedimasta ya maƙala min sunan garinmu. Na samu kamfani mai kyau sun ce sunayen ba su yi daidai ba. Wani ejan a Karantina ya ce in ba shi riyal 300 zai sa a yi min afidabit na canjin suna a Kano a turo min ta wasaf cikin kwana biyu. In biya?" (Na sauya sunayen kafin in buga.)

Ɗan'uwa riƙe riyal ɗinka tukuna. Afidabit rantsuwa ce a rubuce, kuma mai ita ne yake bayyana da kansa, ido da ido ko ta bidiyo, gaban wanda doka ta ba ikon rantsarwa, kwamishinan rantsuwa a rajistirin kotu ko lauyan da ke da lasisin notari, ya sa hannu a gabansa. To kai kana Jidda, takarda kuma ta fito da kwanan wata tana cewa ranar kaza ka tsaya a kotu a Kano ka rantse, wa ya tsaya? Ai fasfonka ma kaɗai ya isa ya tona asirin, babu hatimin fita babu na shiga a wannan watan. Ƙarya a cikin afidabit laifi ne da ake ɗaure mutum a kai a Najeriya, nan kuma Saudiyya ba sai na gaya maka yadda suke ɗaukar maganar tazwir, wato jabun takardu, ba, ejan yana can yana shan shayinsa kai ne sunanka yake kan takardar.

Kuma wahalar ma ba ta zama dole ba. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 110, ta yarda da afidabit ɗin da aka rantse a ƙasar waje gaban jami'in da aka ba izini a ofishin jakadancin Najeriya na wannan ƙasa. Kai da kake Jidda ga ƙaramin ofishin jakadanci nan a garinku, na Riyad kuma suna da babban ofishi. Ka je da fasfo da igama da satifiket ɗin na asali da kwafinsu, ka tambayi kuɗin a bakin ma'aikatan ofis ba a bakin masu tsayawa a ƙofa ba, ka karɓi rasit. In kuma hutu ya kusa to sai ka bari ka yi ta a babbar kotu a gida da kanka.

Amma abin da ya fi damuna a maganar ejan ɗin nan shi ne irin takardar da zai yi maka. Kai fa ba canjin suna kake buƙata ba. Mutane suna haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya. Akwai canjin suna na gaske, wato mutum ya bar wani suna ya ɗauki wani daga yau, kamar wanda ya musulunta ko matar da ta rabu da miji tana son komawa sunan mahaifinta. Akwai gyaran kuskure, an rubuta maka Abdulahi da harafi ɗaya a maimakon Abdullahi. Sai na uku, takardar da ke cewa sunaye biyun nan duk mutum ɗaya ne, kuma ita ce taka. Bambancin ba na wasa ba ne, don in ka rantse cewa "daga yau sunana Abdullahi Musa Gwarzo" to ka ce da bakinka sunan da ke kan fasfo da igama tsohon suna ne da ka yar, sai ka bi layi: buga sanarwa a jaridar da ake karantawa a faɗin ƙasa, gyara a NIN don hukumar shige da fice ba za ta ba ka fasfon da ya saɓa da NIN ba, sabon fasfo, sannan kafili ko kamfani su kai maganar jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, a gyara igama, daga nan banki da inshorar lafiya da lasisin tuƙi da layin waya. Duk don satifiket guda ɗaya. A ƙasar nan igama bin fasfo take yi, komai kuma bin igama yake, don haka shawarata ita ce ka bar fasfo a matsayin turke, ka ɗaure sauran takardu a jikinsa.

Yanzu me za ta ƙunsa. Wannan dokar ta 2011 a sashe na 117 ta ce a rubuta ta da bakin mai rantsuwar, ni wane, a sa cikakken suna da sana'a da inda yake zaune da ƙasarsa, a raba ta sakin layi-sakin layi masu lamba. Da Turanci za a buga ta amma ga ma'anar abin da ya kamata taka ta ce. Ka fara da sunan fasfo, daidai da jerinsa harafi da harafi: ni Musa Abdullahi, ɗan Najeriya, mai sana'a kaza, mazaunin unguwa kaza a Jidda. Adireshin inda kake zaune yanzu fa, ba gidan kawunka na Kurna ba. Sai ka ce wannan sunan shi ne a fasfo mai lamba kaza da NIN mai lamba kaza da igama mai lamba kaza. Sakin layi na gaba ka ce a satifiket ɗin digiri da jami'a kaza ta ba ka a shekara kaza, mai lambar ɗalibi kaza, an rubuta Abdullahi Musa Gwarzo. Sannan dalili, kuma a nan ne mutane suke yin rowar magana, su rubuta "saboda kuskure" su wuce. A'a, faɗi abin da ya faru: Musa sunanka na yanka, Abdullahi mahaifinka, Gwarzo garinku ne da aka ƙara maka a makaranta, kuma an sa sunan uba a gaba. Ma'aikacin da bai taɓa jin cewa ɗan Arewa yana amsa sunan garinsu ba, wannan layin ne zai fahimtar da shi. Sai ka rufe da cewa sunayen biyu duk kai ne mutum ɗaya, wanda kake amfani da shi a hukumance shi ne na fasfo, takardun da ke ɗauke da ɗayan sunan suna nan da ingancinsu, kuma ka yi wannan rantsuwa da zuciya ɗaya kana mai imani gaskiya ce bisa dokar rantsuwa.

Ka sa ranar haihuwarka a ciki in duk takardun sun yi ittifaƙi a kanta, tana taimakawa sosai wajen haɗa sunayen. In ba su yi ba, kar ka cusa gyaran shekaru a cikin wannan, wata rigima ce daban.

Kafin ka bar teburin duba ƙasan takardar. Dole a ga inda aka rantse, da ranar, da sa hannunka, da suna da sa hannu da hatimin wanda ya rantsar da kai. In an kankare wani harafi ko an gyara da biro sai jami'in ya sa hannu a gefen gyaran, ni dai gara a sake bugawa, takardar da aka yi don gyara suna kuma a same ta da kuskuren suna ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma na sha gani wallahi, mai bugawa ya ɗauko tsohon fayil ɗin wani ya sauya sama ya manta sakin layi na huɗu da sunan wancan mutumin. Karanta ta sau biyu. Daga nan in kamfanin Larabci suke so sai ka kai ofishin tarjama mai lasisi, ka tsaya a kansu su rubuta sunanka da Larabci daidai yadda yake a igama, in ba haka ba ka shigo da sunaye biyu ka fita da uku.

Iyakar takardar kuma dole in faɗa maka ita don kar ka ce na ruɗe ka. Afidabit ba ta goge abin da ke kan satifiket, jami'ar da ta ba da shi ita kaɗai ke iya gyara shi. Ka tuna abin da ya faru a Bayelsa a Fabrairun 2020, kotun ƙoli ta soke nasarar David Lyon ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda mataimakinsa Biobarakuma Degi-Eremienyo ya miƙa takardun makaranta masu sunaye daban-daban, kuma afidabit ɗin da ya yi don haɗa su kotu ba ta karɓa ba. Matsayin da kotu ta tsaya a kai shi ne canjin suna na gaske da takardar da lauyoyi ke kira did fol ake yinsa, ba da rantsuwa kawai ba. Kai ba takara za ka tsaya ba, amma darasin ɗaya ne, wanda za ka kai wa takardar shi ke da ikon cewa ta isa ko ba ta isa ba. Don haka kafin ka kashe ko riyal ɗaya koma wurin mai ɗaukar ma'aikatan kamfanin ka tambaye shi takamaimai: rantsuwar da aka yi a ofishin jakadanci ta wadatar, ko sai an haɗa da wasiƙa daga jami'a mai tabbatar da cewa ɗalibi mai lamba kaza shi ne kai? In da hali ka nemi wasiƙar jami'ar ko ba su tambaya ba, ita ce ta fi nauyi a cikin fayil ɗin.

Tambaya: "Na yi aure bara, maigidana yana Madina yana son ya nema min bizar iyali. Ƙawata ta ce sai na yi afidabit na koma sunansa. Gaskiya ne?"

A'a 'yar'uwa, ki bar sunanki yadda yake. A Saudiyya mace sunan mahaifinta take amsawa har ƙarshen rayuwarta, ba wanda zai yi mamakin ganin sunanki ya bambanta da na miji, kuma malamai ma aya ta 5 a Suratul Ahzab suke kawowa a kan kiran mutum da sunan ubansa. Abin da ke nuna ke matarsa ce takardar aure ce, wadda za a tantance a ma'aikatar harkokin waje a Abuja da ofishin jakadancin Saudiyya sannan a fassara. Abin da za ki duba tun yanzu shi ne sunanki a takardar auren ya zo daidai da na fasfonki, nasa kuma daidai da na igamarsa. In a takardar an rubuta Binta a fasfo kuma Fatima, ku koma wurin da aka ba ku ita a gyara kafin a fara buga mata hatimai, don in an riga an buga sai an sake zagayen daga farko.