Tsara fostar haɗa ruwan ORS da zane, ba tare da yawan rubutu ba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina wayar da kan iyaye mata kan gudawar yara, kuma da yawansu ba sa karatu. Ina so in yi fosta ta zane a kan ORS da zink, rubutu kaɗan kawai. Ta ina zan fara, kuma yaya zan jera hotunan?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki zana komai, ki ɗauki biro ki rubuta jimla ɗaya: me kike so uwa ta yi da hannunta bayan ta ga fostar? A nan jimlar ita ce, "ta zuba ƙunshi ɗaya na garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari mai mayar wa yaro ruwan jikinsa, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ta riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan." Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, ki ajiye shi don wata fostar. Abin da ke kawo gudawa, tsabtar bayan gida, rufe abinci, duk gaskiya ne, amma idan suka shigo nan za su danne saƙon. Na daɗe ina irin wannan aiki, kuma yawancin fostocin da na ga sun kasa, cunkoso ne ya kashe su tun kafin a zo maganar kyan zane.

Ki raba takardar gida uku. A sama, babban hoto guda: uwa riƙe da yaro tana ba shi ruwa da kofi, da kalmomi uku ko huɗu, kamar "Gudawa? Ba shi ORS." Wannan hoton ne ke tsayar da mai wucewa, ya gaya mata maganar tata ce. A tsakiya matakai huɗu: wanke hannu da sabulu, auna ruwa, juye ƙunshin gaba ɗaya a motsa, sannan ba yaro ruwan ya sha. A ƙasa kuma alamun haɗari da hoton asibiti.

Matakan ki jera su daga sama zuwa ƙasa. Wadda ta saba da rubutun Larabci idonta daga dama yake farawa, wadda ta saba da boko daga hagu, wadda ba ta saba da ko ɗaya ba tana iya farawa daga hoton da ya fi ɗaukar mata ido. Amma kusan kowa yakan sauko daga sama. Ki sa wa kowane mataki lamba babba, da ɗigo a gefenta, ɗaya, biyu, uku, huɗu, saboda kibiya kaɗai ba kowa ke ɗaukarta da ma'anar "sai kuma" ba. Uwa ɗaya ce a duk hotunan, da sutura iri ɗaya. Da zarar launin rigarta ya canza, wasu za su ɗauka mata huɗu ne kowace da aikinta.

Mataki na biyu shi ne zuciyar fostar, ki ba shi fili fiye da sauran. Idan ruwan ya yi kaɗan, gishirin ya yi yawa a cikinsa, kuma hakan na iya cutar da yaron da ake son a ceta. Rubuta "lita 1" bai isa ba, don ba kowace uwa ce ke da abin auna lita ba. Ki zana mazubin da matan suke da shi a gida. In kwalbar rabin lita ce, sai a ga kwalabe biyu cike har wuya, a gefensu ƙunshi ɗaya, dukkansu suna nufar kwano ɗaya. A bar ido ya ƙirga. Kuma ki ɗauki ainihin ƙunshin da ake rabawa a wurinku ki karanta bayansa tukuna, domin akwai na lita ɗaya, akwai waɗanda aka yi don ƙasa da haka. Zanen ƙunshin ma ya yi kama da na gasken, siffa da launi, yadda za ta gane shi in an miƙo mata.

Haka za ki yi da zink, ƙwayar maganin da ake ba yaro tare da ORS. A tsohuwar shawararta ta shekarar 2004, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 20 a kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. A zane, wannan layi ne na rana guda goma, ko adadin da ke cikin fakitin da kuke bayarwa, kowace rana da ƙwaya ɗaya a ƙarƙashinta. Dabarar da nake so a nan ita ce a zana yaron yana murmushi tun wajen rana ta uku ko ta huɗu, amma ƙwayoyin su ci gaba har ƙarshen layin. Ta haka an faɗi "kada ki daina don ya ji sauƙi" ba tare da harafi ɗaya ba. Rabin ƙwaya na jarirai ya samu nasa layin daban, da hoton jariri a zanin goyo.

Ki yi hattara da hoton hani. Idan kika zana abin da ba a so kika ja masa jan gicciye, akwai wadda za ta ga aikin ba ta ga gicciyen ba, musamman bayan an yi hotokwafi baƙi da fari jan ya koma toka-toka. Gwamma ki nuna abin da ake so a yi. Don haka ma kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana: gidan alamun haɗari ya samu kauri a layin da ya kewaye shi, kuma alamun kada su wuce uku ko huɗu, misali yaron da ya kasa sha, jini a bayan gida, idon da ya faɗa ciki, da yaron da ya yi laushi ba ya motsi.

Sai gwaji, kuma shi ne ba na yarda a tsallake. Ki kai zanen fensir, tun kafin a kashe kuɗin bugu, ga mata irin waɗanda za su yi amfani da shi, ɗaya bayan ɗaya, don a taro mai baki ce ke amsa wa kowa. Ki rufe rubutun. Kada ki ce "kin gane?", kunya za ta sa ta ce e. Ki ce, "Mama, me kika gani a nan? Me matar nan take yi?" Daga nan ki miƙa mata ƙunshi da kwalba ta haɗa a gabanki. Na taɓa kallon gwajin hoton da ke cewa a zubar da ragowar ruwan bayan awa 24: an zana rana, wata, wata ranar, sannan hannu yana zubar da ruwa. Wata uwa ta kalle shi ta ce, "Kwana ɗaya ake ba yaro, sai a daina." Wannan fahimta ta fi rashin fahimta haɗari, domin ta juya saƙon. An gyara shi ne da ƙara hoto ɗaya bayan zubarwar: matar tana yaga sabon ƙunshi a kan sabon ruwa.

Ma'aunin Amurka na alamomin gargaɗi, ANSI Z535.3, yana neman kashi 85 cikin ɗari su gane alama daidai, masu juya ma'anarta kuma kada su wuce kashi 5. Ke da za ki gwada da mata goma ko sha biyar, ki sauƙaƙa shi haka: idan ko mutum ɗaya ta fahimci hoton awon ruwa ko na zubarwa a juye, ki sake zana shi, ki kai wa wasu matan da ba su ga na farkon ba.