Wane suna zan sa wa gurup ɗin gidanmu?

Tambaya: Ni ce admin a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp. Muna Kano, Yaya yana Houston, autanmu yana Guangzhou, Goggo tana Jidda. Ina son suna mai ban dariya wanda ba zai ɓata wa manya rai ba.

Amsa: 'Yar'uwa, barkwancin yana cikin agogonku, sai ki fara da lissafi. Jidda ta riga Kano da awa 2, Guangzhou da awa 7, Houston kuma tana bayan Kano da awa 7 a lokacin sanyi. Wato idan Hajiya ta turo "ina kwananku" da ƙarfe 8 na safe, Goggo tana 10 na hantsi, auta yana 3 na rana, Yaya kuwa ƙarfe 1 na dare ne, yana ta sharar barci.

Shi ya sa ni da zan zaɓa, "Ina Kwana, Ina Wuni" zan sa. Gaisuwa ce, babu dattijon da zai ji nauyin faɗarta, kuma duk sa'ar da aka buɗe waya akwai wanda ta dace da shi. Idan gidan naku na masu surutu ne, "Gidan Da Ba A Barci" ma ya yi. Da azumi kuwa ki canza zuwa "Ku Kun Sha Ruwa?", don lokacin da auta yake buɗa baki wajen 6:30 na yamma, ku a Kano ko azahar ba a kira ba, Yaya kuma bai wuce batun sahur ba. In autan nan ya turo hoton ƙosai a wannan lokaci, ke da shi.

Kada dai ki sa adadin awa a cikin sunan. Na taɓa ganin wasu sun sa "Awa Bakwai Tsakani", sai Amurka ta tura agogonta gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, tazarar ta koma awa 6 har zuwa Nuwamba. Nijeriya da Saudiyya da Sin ba sa taɓa agogonsu, Houston ce mai yawo.

Sunan mai gida ma ki bar shi. Akwai surukai a ciki, kuma matar Yaya ba za ta iya ambaton sunan surukinta ba, sai ta koma cewa "gurup ɗin nan". Tsokana irin su "'Yan Gudun Zafi" ta taubasai ce, ku buɗe mata naku daban. Goggo da take fama da ranar Jidda ba za ta ga abin dariya ba.

WhatsApp yana karɓar haruffa har 100, amma allon waya yana yanke dogon suna, don haka kalma uku ko huɗu sun isa. In kin gama, ki shiga "Group permissions" ki kashe "Edit group settings", in ba haka ba auta zai canza sunan kuna barci.