Rizisto nawa ne ya dace da ƙwan led a batirin mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda. Na sa ɗan jan ƙwan led a gaban mota don ya nuna mini idan fitilar baya tana kunne. Na haɗa shi da rizisto mai om 330, irin wanda na ga ana sa wa na cajar waya. Bai yi wata ba ya dushe, rizisto kuma ya yi baƙi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Om 330 ɗin nan lissafin bolt 5 ne, kai kuma ka kai shi inda wuta ta kusa ninka haka sau uku.

Ƙwan led ba ya iya tsare kansa. Yana riƙe wani adadin bolt da kusan ba ya canzawa, jan yana riƙe wajen bolt 2, fari da shuɗi wajen bolt 3. Da zarar wuta ta haura wannan, zai yi ta zuƙar karan, wato yawan wutar da ke ratsa shi, har ya ƙone. Aikin rizisto shi ne ya ɗauke ragowar bolt ɗin, ta haka ya ƙayyade karan da zai wuce. Lissafin ke nan:

```
R = (Vs - Vf) / I
```

R shi ne om ɗin rizisto, Vs wutar da kake ba shi, Vf abin da ƙwan ya riƙe, I kuma karan da kake so, a amfiya. Miliamfiya 15 ita ce 0.015, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Sai wurin da na fi so ka natsu. Batirin mota sunansa ne kawai mai bolt 12. Idan ya cika mota tana kashe, za ka sami wajen 12.6. Idan inji ya tashi, altaneta, wanda makanikan Jidda ke kira dinamo, yana ɗaga shi zuwa kusan 14.4. To da wace wutar ƙwanka yake yini? Da ta mota mai tafiya. Don haka 14.4 za mu ɗauka.

Mu duba abin da ya sami naka. A cire 2 daga 14.4, saura 12.4. A raba da 330, ka sami kusan miliamfiya 38. Ƙananan ƙwayayen nan masu milimita 5, yawancinsu a kan miliamfiya 20 aka ƙera su. Ka ga kusan ninki biyu ka ɗora masa. Irin wannan nauyin ba ya kashe shi nan take, sai dai ya yi haske fiye da kima, ya riƙa dushewa a hankali. A cajar waya kuwa bolt 3 ne ke saura, a raba da 330 ya ba da miliamfiya 9, lafiya lau.

Baƙin da rizisto ya yi kuma zafi ne. Ana gane shi da ninka bolt ɗin da ya ɗauke da karan da ke ratsa shi:

```
P = (Vs - Vf) x I
```

12.4 sau 0.038 ya ba da wat 0.47. Ƙaramin rizisto da aka fi sayarwa na rubu'in wat ne, wato 0.25. Ka haɗa da motar da ke yini a rana tsaka a zafin Jidda, ai ma ya yi ƙoƙari.

Yanzu mu zaɓi na gaskiya. Idan miliamfiya 15 kake so, 12.4 a raba da 0.015 ya ba da om 827. Babu wannan a kasuwa, mafi kusa da aka saba samu shi ne 820. Ni dai da om 1000 zan sa, mai zanen ruwan ƙasa, baƙi, ja. Karan zai tsaya a miliamfiya 12.4, zafin kuma wat 0.15. Idonka da ƙyar zai ga bambancin hasken, da dare ma wataƙila ka ce ya yi yawa. Ka nemi mai rabin wat, don wanda ke aiki nesa da iyakarsa ya fi daɗewa a cikin zafi.

Bayan ka haɗa, kada ka tsaya a lissafin takarda. Tada motar, ka kunna fitilar baya, ka sa mita a ma'aunin bolt na DC, ka taɓa ƙafafun rizisto biyu. Abin da ta nuna ka raba da om ɗinsa. Da om 1000 abin ya zo da sauƙi: idan ta nuna 12.3, miliamfiya 12.3 ke nan. Idan ta nuna kusan sifiri ƙwan kuma bai kama ba, mai yiwuwa ka juya shi ne. Doguwar ƙafa ita ke fuskantar fos, wato ɓangare mai alamar +, gajeriya ta tafi jikin mota. Rizisto kuwa ba ruwansa da gaba ko baya, kowace ƙafar ƙwan ka liƙa shi daidai ne.