Sun ce an biya ni fansho fiye da ƙima, yanzu za su riƙa yanka a wata

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan fansho ne, bayan na yi ritaya na kama ɗan kasuwanci. Takarda aka aiko min wai an yi kuskure, fanshona 50,000 ne amma 62,000 ake turo min har wata 30, don haka ana bina 360,000 kuma za a riƙa cire 25,000 duk wata, har da fom wai in sa hannu in mayar. Ni ban roƙi kowa ya ƙara min ba. In sayar da kaya in biya su in huta ne ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba. Kar ka sayar da komai tukuna, kuma fom ɗin nan ajiye shi a gefe kar ka sa masa hannu sai ka ga lissafi da idonka.

Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Kasancewar su suka yi kuskuren bai mayar da kuɗin naka ba, kusan ko'ina a duniya ƙa'idar ita ce kuɗin da aka biya mutum bisa kuskure mai shi yana da damar ya nema a mayar masa, kuma maganar gyara fanshon ya koma 50,000 daga yanzu, in dai 50,000 ɗin shi ne daidai, to wannan kam babu ja a ciki, ka fara tsara rayuwarka a kai tun yau. Inda ja yake shi ne kuɗin baya. A nan ma mutane suna haɗa abu uku wuri ɗaya su je ofis suna faɗa a kai gaba ɗaya shi ya sa ba a sauraronsu: akwai ko bashin ma gaskiya ne, akwai ko adadin da aka faɗa daidai ne, sannan akwai yadda za a biya. Kowanne da hujjarsa daban.

To ka fara da rubuta musu takarda, kar ka tsaya a baki ko waya. Ka ce ka samu takardarsu ta rana kaza, ba ka amince da bashin ba a yanzu, kana neman su baka lissafi na wata-wata wanda zai nuna abinda aka biya ka, abinda ya kamata a biya ka, da bambancin, kuma su faɗa maka mene ne asalin kuskuren da ranar da suka gano shi, da sashen doka ko ƙa'idar tsarin fanshon da ya basu ikon cirewa, sannan ka nemi a dakatar da yankan har a gama duba ƙorafinka. Kwafi biyu, su buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kuma ka duba takardar tasu da kyau don yawanci akwai wa'adin ƙorafi a ciki, a Amurka misali hukumar fanshon gwamnati tana ba mutum kwana 60 ya ɗaukaka ƙara, kuma in ya yi cikin kwana 30 na farko ba a fara cirewa sai an duba. Naku wa'adin zai iya bambanta amma kusan kullum akwai shi, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa, suna ta fushi a gida har lokaci ya wuce.

Me ya sa na nace a kan dalilin kuskuren? Saboda daga shi ake gane ko lissafin zai tsaya. Irin wannan ƙarin yawanci daga ɗayan waɗannan yake zuwa: an ɗora mutum a matakin albashi da ya fi nasa, ko an ƙirga masa shekarun aiki fiye da waɗanda ya yi, ko an saka masa ƙarin shekara sau biyu, ko wani alawus da ya kamata ya tsaya bai tsaya ba. In sun ce matakin albashi ne, ɗauko takardar ƙarin girmanka ta ƙarshe da takardar ritaya ka gwada, ba abin mamaki ba ne a tarar biyan farko shi ne daidai, mai gyaran ne ya yi aiki da fayil da bai cika ba.

Idan jadawalin ya zo sai ka ɗauko sitatimen ɗinka na banki ka bi shi layi-layi. Mu ɗauka ka duba ka ga wata 6 na farko 50,000 ɗin aka turo maka, ƙarin bai fara shigowa ba sai a wata na 7, kaga kenan wata 24 ne ba 30 ba, 12,000 sau 24 ya zama 288,000, an sauke maka 72,000 daga zama da biro kawai. Sai ka duba ko a cikin wannan lokacin akwai ƙarin fansho da aka yi wa kowa wanda su basu sa a layin "abinda ya kamata a biya" ba, ko akwai ariyas da kake binsu, don duk kuɗin da kake binsu ya kamata ka nemi a fara cire shi daga wanda suke binka. Sannan haraji, in ana cire haraji a fanshonka ka tambaya ko adadin da suke nema kafin haraji ne ko bayan haraji, kar a sa ka mayar da kuɗin da bai taɓa shiga hannunka ba alhali ba a nuna maka yadda za ka karɓo harajin ba.

Yanzu maganar yankan. Abinda ke faruwa shi ne duka biyu ake maka lokaci ɗaya, an sauke ka daga 62,000 zuwa 50,000, sannan a cire 25,000 a cikin 50,000 ɗin, wato mutumin da ya saba karɓar 62,000 ya wayi gari da 25,000, ƙasa da rabi. A wannan ƙimar za su gama karɓar 360,000 cikin wata 15. Ni a ganina wannan ya yi tsanani kuma shi ne wurin da ka fi samun damar nasara. Akwai ma'aunin da masu sasanta rigimar fansho suke yawan amfani da shi, cewa lokacin mayarwa kar ya gaza tsawon lokacin da aka ɗauka ana kuskuren, kuɗin da ya shigo cikin wata 30 a mayar cikin wata 30, wato 12,000 a wata, ka tashi da 38,000. Ba doka ba ce a ko'ina, amma hujja ce mai ƙarfi da za ka ɗora tayinka a kai. In 38,000 ɗin ma ba za ta riƙe gida ba, rubuta kuɗin shigarka da kuɗin fitarka, haya, magani, makarantar yara, ka haɗa da rasit ka nemi a ƙara tsawon lokacin. Ka tambaya kuma a rubuce ko sun ɗora ruwa a kai, in sun ɗora ka ƙi, tunda kuskuren nasu ne.

Shi ya sa nace kar ka sayar da kaya. Bashi ne da in an daidaita za ka biya a hankali ba ruwa, jarinka kuma yana juyawa yana kawo riba, ka karya kaya ka sayar da asara ko ka ci bashi mai ruwa don ka biya bashin da ba ruwa, gaskiya wannan ba lissafin ɗan kasuwa ba ne. Sai dai in su da kansu sun ce za su yafe wani kaso mai tsoka in ka biya a dunƙule, to a nan sai a zauna a auna.

Akwai kuma neman a yafe gaba ɗaya ko wani ɓangare, amma a nan sai ka yi wa kanka adalci. Hujjar da doka ta sani a ƙasashe da dama ita ce mutum ya karɓi kuɗin da zuciya ɗaya bai san akwai kuskure ba, kuma saboda kuɗin ya yi wata hidima da ba zai yi ba in ba don su ba, kuɗin kuma sun tafi ba za su dawo ba. Abu biyu ke karya ta. Na farko in ka sani ko ya kamata ka sani, misali takardar ritayarka ta rubuta 50,000 ƙarara kai kuma kana ganin alat na 62,000 ka yi shiru, to zuciya ɗayan ta yi rauni, amma in ka taɓa zuwa ka tambaya aka ce maka daidai ne, nemo shaidar wannan ko saƙon waya ne, ta fi komai daraja a fayil ɗinka. Na biyu kuma ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na ɗan kasuwa: in 12,000 ɗin nan jari ka riƙa zubawa, kuɗin basu tafi ba, suna nan sun zama kaya, za a ce maka har yanzu kana amfana da su. Wanda ya kashe a magani ko ɗawainiyar iyali ya fi ka ƙarfin hujja a nan, don haka ka duba littafinka ka raba nawa ya shiga kasuwa nawa ya shiga gida, ka nemi yafiya a kan na gidan.

Dalilin da nace ka ajiye fom ɗin, ga abinda ya faru a Indiya. A 2014 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa ba a karɓo kuɗin da aka biya ma'aikacin gwamnati bisa kuskuren ofis in ya riga ya yi ritaya, amma a 2016 kotun ta ce wannan kariyar bata shafi wanda ya sa hannu tun farko cewa zai mayar da duk abinda aka biya shi fiye da ƙima ba. Kaga sa hannu ɗaya ya raba mutum biyu masu matsala iri ɗaya. Naka fom ɗin mai yiwuwa amincewa ne da bashin da adadinsa da kuma yankan 25,000 duk a layi ɗaya. Ka tuna kuma ko ka taɓa sa hannu a irin wannan alkawari lokacin cike takardun ritaya, in ka sa, gara ka sani tun yanzu don maganar yafiya ta yi wuya, sai ka maida ƙarfinka kan adadi da tsawon lokaci.

In sun ƙi sauraronka ko sun fara yanka duk da takardarka, ka nemi su baka hukuncinsu a rubuce, da shi za ka je mataki na gaba, wato hukumar da ke sa ido kan fansho ko ofishin karɓar koke-koke, kotu ita ce ta ƙarshe don tana cin kuɗi da lokaci. Ƙungiyar 'yan fansho ma ka leƙa, irin wannan kuskuren ba kasafai yake faɗawa kan mutum ɗaya ba, in ku ashirin ne aka yi wa lissafi iri ɗaya takarda ɗaya mai sa hannun ku duka ta fi saurin motsa ofis. In kuma ka ga kana son fara biyan 12,000 ɗin kafin a gama don kar abin ya taru maka, ba laifi, amma ka rubuta a takardar cewa kana biya ne ba tare da ka amince da adadin ba, kuma in ƙorafinka ya yi nasara a mayar maka da duk abinda aka cire fiye da ƙima.